"Bala bai daina karɓar ɗinki ba": abin da korewa ba ta gogewa

*Assalamu alaikum Malam. Ni ɗaliba ce mai nazarin harshe a Jami'ar Jihar Kaduna. A darasin ilimin ma'ana an koya mana firisafozishan, aka ce ko an kore jimla yana nan daram. To amma ai ina iya cewa "Bala bai daina shan sigari ba, don bai taɓa sha ba ma", kuma Hausa ce lafiyayya. Ke nan gwajin ƙarya ne? Sannan ban gane abin da ya kawo tambaya da sharaɗi cikin maganar ba.*

Wa alaikumus salam, Malama. Gwajin ba ƙarya ba ne, amma shi kaɗai bai isa ba, shi ya sa ake haɗa shi da tambaya da sharaɗi. Jimlar da kika kawo kuwa tana da muhallinta, za mu je kanta. Bari mu fara daga inda abin yake a fili tukuna. Zan riƙa ce wa firisafozishan shimfiɗar zance, wato abin da mai magana ya ɗauka an riga an yarda da shi, ya ɗora maganarsa a kai ba tare da ya tsaya faɗarsa ba.

Ki ɗauka saura mako biyu Sallah, kin ɗauki yadinki za ki Kasuwar Barci wajen wani tela, mu ce masa Bala. A ƙofar gida maƙwabciyarki ta ce miki:

"Bala ya daina karɓar ɗinki."

Abu biyu kika ji a nan, ko da yake jimla ɗaya ce. Na farko shi ne labarin da ta ba ki: yanzu ba ya karɓa. Na biyu ba ta faɗe shi ba, amma yana ciki: da can yana karɓa. Na farkon shi ne abin da ta tsaya a kai, wanda in kika musa za ku yi gardama. Na biyun shi ne shimfiɗar, kuma kalmar "daina" ce ta jawo ta. Yanzu sai ki juya jimlar ta fuska huɗu ki saurara:

"Bala bai daina karɓar ɗinki ba."
"Shin Bala ya daina karɓar ɗinki?"
"In har Bala ya daina karɓar ɗinki, sai in kai yadin nan Kawo."
"Wataƙila Bala ya daina karɓar ɗinki."

Labarin farko ya watse a duka huɗun. Ta farko ta ce akasinsa, ta biyu tana neman sani, ta uku ta rataye shi a kan "in har", ta huɗu kuma tana kokwanto. Babu wadda a cikinsu ta ce Bala ya rufe ƙofar karɓar aiki. Amma duk wanda ya faɗi ɗaya daga cikinsu ya amince cewa Bala ya saba karɓar ɗinki. Da Bala direban tirela ne wanda bai taɓa riƙe almakashi ba, babu jimla ko ɗaya a nan da za ta zauna daidai, mai sauraro zai ce, "Tsaya, wane ɗinki kuma? Yaushe Bala ya zama tela?"

Don ki ga bambancin da kyau, gwada wani abin da shi ma jimla ke ɗauke da shi amma ba shimfiɗa ba ne. "Bala ya ɗinka babbar riga" dole ta haifar da cewa Bala ya ɗinka tufa, tunda babbar riga tufa ce. To ki kore ta: "Bala bai ɗinka babbar riga ba." Ya ɗinka wata tufa? Oho. Ki tambaya: "Bala ya ɗinka babbar riga?" Nan ma babu alkawarin ya ɗinka komai. Wannan irin sakamakon yana mutuwa da zarar an taɓa jimlar. Shimfiɗa kuwa tana tsallakewa. Wannan tsallakewar ita ce alamar da masana ke nema, ba wai jin cewa "akwai wani abu a ɓoye" ba, domin abubuwan da ke ɓoye a zance suna da yawa, habaici ma yana ciki.

Dalilin tsallakewar ba wani sihiri ba ne. Korewa da tambaya da sharaɗi duk aiki ɗaya suke yi: suna kama abin da aka ajiye a tsakiya don a yi magana a kansa, su ce a'a, ko su ce anya, ko su ce in haka ne. Shimfiɗa ba a tsakiyar take ba. Kamar kwanon tuwo ne a kan tabarma: ana iya ɗauke kwanon, a kife shi, ko a tambaya ko akwai wani abu a ciki, tabarmar tana nan inda take. Robert Stalnaker, a rubuce-rubucensa na farkon shekarun 1970, ya bayyana abin ta fuskar masu hira: akwai tarin abubuwan da ni da ke muka ɗauka mun yarda da su, kuma jimla mai "daina" ba ta dacewa sai in tarin nan ya ƙunshi cewa a da ana yin abin. Wannan buƙatar ba ta canzawa don an sa "ba ... ba".

Ba "daina" kaɗai ke wannan aikin ba. 'Yan'uwanta na kusa su ne "bari" ta ma'anar dainawa, da "ci gaba da", da "fara", wadda shimfiɗarta kishiyar ta "daina" ce: "Bai fara karɓar ɗinki ba" na nuna a da ma ba ya karɓa. Sai kalmomin maimaici: "sake", "ƙara", "koma", "dawo". In aka ce "Jirgin ƙasa bai sake makara ba", an riga an ɗora masa laifin makara sau ɗaya. Akwai kuma mallaka da ɗafa-ƙeyar nan ta -n da -r da "ɗin": "Motar Hajiya ba ta lalace ba" ta ɗauka Hajiya na da mota, "Ba a sami kuɗin ba" ta ɗauka akwai wasu sanannun kuɗi da ake nema. Jimlolin lokaci ma haka: "Bai ci abinci ba bayan da ya sauka a tashar Rigasa" ba ta musa saukar ba, cin abincin ta musa.

A kan rukunin sunaye, irin su "motar Hajiya" da "kuɗin", ne ma masana suka fara muhawara kan shimfiɗa. Gottlob Frege ya lura a 1892 cewa ko ka ce Kepler ya mutu cikin wahala ko ka ce bai mutu cikin wahala ba, ka riga ka yarda akwai wanda sunan ke nufi. Bertrand Russell a 1905 ya kawo misalin sarkin Faransa mai sanƙo, alhali ƙasar ba ta da sarki, ya ce jimlar ƙarya ce kawai. P. F. Strawson ya mayar masa da martani a 1950 cewa batun gaskiya ko ƙarya bai ma taso ba. Gwada da kanki: wani ya ce miki "Sarkin Najeriya ya zo Kaduna jiya." Ba za ki ce "a'a, bai zo ba", don in kin faɗi haka kin karɓi cewa akwai shi. Abin da bakinki zai fara furtawa shi ne "wane Sarkin Najeriya?" A nan dai kunnen Bahaushe yana tare da Strawson.

Akwai wurare biyu da na fi son ɗalibai su tsaya, domin a nan Hausa ke nuna abin a fili ƙwarai. Na farko shi ne "sani" da makamantanta irin su "gane" da "manta" da "yi nadama". Duba waɗannan biyun:

"Ladi ba ta san cewa Bala ya tafi Kano ba."
"Ladi ba ta san ko Bala ya tafi Kano ba."

Kalma ɗaya ce ta bambanta su. A ta farko mai magana ya tabbatar Bala ya tafi, Ladi ce kawai labari bai kai wa ba. A ta biyu babu wanda ya ɗauki alhakin tafiyar. Ke nan ba "sani" ita kaɗai ke jawo shimfiɗar ba, sai ta haɗu da irin jimlar da ke biye da ita. Ɗalibai da yawa suna rubuta "sani" a jerinsu su wuce, sai a kawo musu misali mai "ko" su rasa ta cewa. Sa'annan ki kwatanta da "zata": "Ladi ta zaci Bala ya tafi" ba ta ɗora wa mai magana komai, hasali ma takan sa a ji kamar bai tafi ba.

Na biyu shi ne jimlar ƙarfafawa mai "ne" ko "ce". A ce ana maganar keken ɗinki na shagon Bala:

"Yaran shago ba su lalata keken ba."
"Ba yaran shago ne suka lalata keken ba."

Ta farko tana iya zama gaskiya ko da babu wanda ya lalata keken, ƙila ma lafiyarsa ƙalau. Ta biyu ta wanke yaran, amma ta bar magana a tsaye: wani ya lalata shi. Lura da yadda lamirin ya sauya, "sun lalata" ta koma "suka lalata" da zarar an fito da "yaran shago" gaba an ƙarfafa su. Wannan siffar ta "suka" ita ce dai ke fitowa a tambaya irin "Su wa suka lalata keken?", wadda ita ma ta ɗauka an lalata shi. Don haka in kina tattara misalai daga hirar rediyo ko jarida, duk inda kika ga "ne ya", "ce ta", "ne suka", ki tsaya ki duba abin da aka shimfiɗa a bayan aikatau ɗin. 'Yan siyasa sun iya wannan ƙwarai: "Ba mu ne muka kashe masaƙun Kakuri ba" ta riga ta yanke hukuncin cewa kashe su aka yi, saura kawai a nemo mai laifi.

To yanzu ga jimlarki ta sigari. Gaskiya ne, Hausa ce lafiyayya, amma ki saurari yadda ake faɗarta da inda ake faɗarta. Babu wanda zai shigo ɗaki haka kawai ya fara da ita. Sai wani ya riga ya ce "Na ji Bala ya daina shan sigari", sa'annan ɗayan ya ce, "Bai *daina* ba, ai bai taɓa sha ba ma." Muryar tana dannawa a kan "daina", kuma dole a biyo da bayani. In kika tsaya a "Bala bai daina shan sigari ba" kika yi shiru, kowa zai tashi da cewa Bala mashayin sigari ne, har ma yana nan yana sha. Korewar da ke cikin jimlarki ba halin Bala take musawa ba, zaɓen kalmar take ƙi: kada ma a ce "daina". Laurence Horn ya yi dogon bayani a kan wannan nau'in korewa a 1985. Hausa ma tana da siffar da ta fi dacewa da shi, wadda ke rungumar jimlar gaba ɗaya: "Ba wai ya daina ba ne, bai taɓa sha ba." Ina ganin za ki yarda wannan ta fi sauƙin fita a baki.

Ga kuma hujjar da ke nuna ba a rushe gwajin ba. Cire korewar ki sake gwadawa: "Bala ya daina shan sigari, don bai taɓa sha ba ma." Wannan kam shirme ce, kai da gindi ba su haɗu ba. Ashe soke shimfiɗa yana yiwuwa ne kawai in akwai wani abu kamar korewa da zai haɗiye ta, kuma sai an fito fili an soke ta. Tsallakewa ita ce al'ada, sokewa kuwa sai da dalili. Saboda irin wannan ne ba a dogara da korewa ita kaɗai. In misali ya ba ki wahala a korewa, ki mayar da shi tambaya: "Bala ya daina shan sigari?" A nan da wuya ki sami wanda bai ji cewa Bala ya taɓa sha ba.

Sharaɗi shi ne ya fi su duka daɗin nazari, kuma shi ya fi kayar da mutane. Kafin komai akwai tarko na Hausa: "idan" takan ɗauki ma'anar "lokacin da". "Idan rana ta faɗi za mu sha ruwa" ba shakka ake yi ko za ta faɗi ba. In kika yi gwaji da irin wannan "idan", komai zai yi kamar ya tsallake, domin ba a rataye komai ba tun farko. Ki yi amfani da "in har" ko "idan da gaske", waɗanda ke nuna ba a tabbatar ba. Haka kuma ki guji "da ... da" wajen gwaji, domin ita kanta tana da tata shimfiɗar: "Da Bala ya gama ɗinkin, da na sa ranar Sallah" ta riga ta nuna bai gama ba.

Jimlar sharaɗi tana da sashe biyu, kuma ba hali ɗaya suke da shi ba. Abin da ke sashen farko, bayan "in har", shimfiɗarsa tana fita ba tare da tangarɗa ba, kamar yadda muka gani a misalin Kawo. Sashe na biyu ne ke da sharaɗi a kan sharaɗi. Duba:

"In har Bala ya tafi Kano, yaron shagonsa zai ba ki kayanki."
"In har Bala yana da yaron shago, yaron shagonsa zai ba ki kayanki."

Sashe na biyu iri ɗaya ne sak, kuma "yaron shagonsa" na buƙatar a ce akwai yaron. A jimlar farko buƙatar ta fito har waje: mai magana ya san Bala na da yaro. A ta biyu ba ta fito ba, mai magana bai ma sani ba, shi ya sa ya ce "in har". Me ya faru? Mai sauraro yana bin jimla ne daki-daki. Da ya ji sashen farko sai ya ƙara shi na wucin gadi a kan abin da aka yarda da shi, sa'annan ya auna sashe na biyu a kan wannan sabon tarin. A jimla ta biyu, sashen farko ya riga ya samar da yaron, don haka buƙatar ta biya tun a cikin gida. A ta farko kuwa, tafiya Kano ba ta samar da yaron shago, dole a nemo shi daga abin da masu hirar suka sani tun kafin a buɗe baki.

Lauri Karttunen ne ya tsara wannan a 1973, ya kasa mahallan gida uku. Akwai waɗanda ke barin shimfiɗa ta wuce kamar ta rami, irin su korewa da "wataƙila". Akwai masu tacewa, su bar wata su tare wata, wato sharaɗi da "kuma" da "ko ... ko". Na "ko" yana da ban sha'awa: "Ko dai shagon ba shi da janareta, ko kuma janaretan ya lalace." An ce "janaretan" kamar sananne, amma jimlar ba ta yarda akwai shi ba, domin ana karanta sashe na biyu ne bisa ɗaukar cewa na farko bai tabbata ba. Sai na uku, masu toshewa, galibi aikatau na faɗa: "Bala ya ce Sarkin Najeriya ne ya ba shi aikin" ba ta ɗora wa mai ba da labarin yarda da wani sarki. Mu a Hausa sau da yawa "wai" muke ƙarawa don mu tsame hannunmu sarai. Ni dai ina ganin wannan rukunin na uku ya fi sauran rauni, domin a hirar yau da kullum in aka ce "Ladi ta ce mijinta ya dawo", kowa zai ɗauka tana da miji. Toshewar tana yiwuwa, amma ba dole ba ce.

Wani abin da zai iya ruɗa ki shi ne, ba kullum ne mai sauraro ya san shimfiɗar tun da farko ba. Abokiyar karatunki ta ce, "Ba zan tsaya laccar yamma ba, zan ɗauko 'yata daga Islamiyya a Unguwar Sarki." Ba ki taɓa sanin tana da 'ya ba, amma ba za ki tsayar da ita ba; za ki karɓa shiru ki ƙara a abin da kika sani. David Lewis ya yi bayanin wannan gyaran na cikin shiru a 1979. Iyakarsa ita ce abin ya zama mai sauƙin yarda: da cewa ta yi "zan ɗauko raƙumina", da kin ce "tsaya tukuna". Kuma kalmomin ba ƙarfinsu ɗaya ba. "Ma" tana da taurin kai: in wani ya ce "Bala ma ya tafi Abuja" alhali ba a ambaci kowa ba, sai an tambaye shi "shi da wa?", duk da kowa ya san dubban mutane na bin hanyar Abuja kullum. Tana son wani takamaimai da aka riga aka ambata.

Wannan karɓar ta shiru ita ce ke sa tambaya ta zama makami. Wanda aka tsare aka ce masa "Ka daina karkatar da kuɗin ƙungiya?" in ya ce e ya amsa laifi, in ya ce a'a ya fi muni. Mafitarsa ɗaya ce, ya ƙi tambayar: "Ban taɓa ba." Elizabeth Loftus da Guido Zanni sun gwada irin wannan a 1975: suka nuna wa mutane hoton bidiyo na haɗarin mota, suka tambayi wasu ko sun ga wata fasasshiyar fitila, wasu kuma ko sun ga fasasshiyar fitilar. Waɗanda aka yi wa tambaya ta biyun sun fi cewa sun gani, har a inda babu abin da aka tambaya a hoton. A Hausa tazarar da ke tsakanin tambayoyin biyu ba ta wuce "wata" da -r ba.

Sai kuma kashedi ta ɗaya ɓangaren: ba duk abin da ya tsallake ne shimfiɗa ba. "Bala, wanda ɗan Zariya ne, bai daina karɓar ɗinki ba." Kasancewarsa ɗan Zariya ya tsira daga korewa, zai tsira daga tambaya ma, amma sabon labari ne aka saƙa a gefe, ba abin da ake ɗauka kin sani ba. Hanyar rarrabewa ita ce ki fara faɗin abin a fili, sa'annan ki kawo jimlar. "Bala yana karɓar ɗinki a da, kuma bai daina ba" ta zauna daidai, domin shimfiɗa tana son a riga an shimfiɗa ta. "Bala ɗan Zariya ne, kuma Bala, wanda ɗan Zariya ne, bai daina ba" kuwa maimaici ne mai gundura.

In za ki gwada misalanki a kan masu jin Hausa, kada ki tambaye su ko jimla "tana da firisafozishan". Karanta musu siffar tambaya ko ta "in har", sa'annan ki ce, "Mai wannan maganar, a ganinku ya ɗauka Bala ya taɓa karɓar ɗinki?" Ki ba kowane mutum siffa ɗaya kawai, domin wanda ya riga ya ji "Bala ya daina" zai ɗauki amsar ya kai ta sauran jimlolin. Kuma ki zaɓi suna da sana'ar da ba su san kowa da su ba. In akwai tela Bala a unguwarsu, daga saninsa za su amsa miki, ba daga jimlar ba.